Kada Layi Ya Tsinke: Bitar Maƙalar Broman da Woo Daga Matameye

A shekarar 2018 mujallar The American Statistician ta buga wata maƙala mai shafi tara, mai suna "Data Organization in Spreadsheets". Mutum biyu suka rubuta ta: Karl Broman, farfesan ƙididdigar lafiya a Jami'ar Wisconsin da ke Madison, da Kara Woo, wadda a lokacin take Jami'ar Washington a Seattle. Babu wani sabon lissafi a cikinta. Ƙa'idoji goma sha biyu ne kawai kan yadda ake zuba bayanai a Excel da danginsa, tare da misalai da hotunan jadawali mai kyau da marar kyau. Ana samunta kyauta, kuma mai Turanci matsakaici zai iya gamawa da ita tsakanin la'asar da magariba.

Tambaya ɗaya na riƙe a hannu lokacin da nake karanta ta. Idan mutum yana da jadawali mai ginshiƙai da yawa, yana so ya jera shi ko ya tace shi bisa ginshiƙi biyu ko uku, me zai hana sunan wani ya koma kan adadin wani? Maƙalar ba ta ware babi don wannan ba, amma kusan rabin ƙa'idojinta amsar wannan tambaya ce. Abin da ta fahimta, wanda yawancin masu koyar da Excel ba sa faɗa, shi ne jadawali yakan lalace tun ranar da aka zana shi. Danna maɓallin jeri yana fito da ɓarnar fili ne kawai.

Domin a ga ƙarfinta da rauninta, gara a ɗora ta a kan aikin da aka sani a nan. Gundumar Kance, wadda Matameye ke matsayin babban garinta, tana da komin tara: Matameye, Kance, Dungu, Yawuri, Tsauni, Kurni, Dawce, Ishirnawa da Ɗan Barto. Kamar sauran gundumomin jihar Damagaram, ana awon damtsen yara 'yan wata 6 zuwa 59 don gano tamowa, musamman da damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma zazzaɓi ya yi yawa. Ƙa'idar awon sananniya ce. Damtsen da bai kai milimita 115 ba ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa 124 rawaya ne. Daga 125 zuwa sama kore ne. Yaron da ƙafafunsa biyu suka kumbura kuwa, ana lissafa shi cikin masu tsanani ko da damtsensa ya nuna kore. 'Yan rele suna kawo takardu daga ƙauyuka, wani ya zauna ya shigar da su na'ura, daga nan majo ya nemi a fitar masa da waɗanda za a tura CRENAS su fara karɓar biskit.

Ga ɗan jadawali na gwaji da na tsara, yara takwas, domin a iya bin kowane layi da ido. Layi shi ne na kwance, yaro ɗaya ke nan. Ginshiƙi shi ne na tsaye, daga A zuwa E.

```
lamba  komin   wata  damtse  kumburi
1      Dungu   14    128     a'a
2      Dungu   9     112     a'a
3      Dungu   30    131     i
4      Yawuri  22    119     a'a
5      Yawuri  11    109     a'a
6      Yawuri  40    142     a'a
7      Tsauni  18    114     a'a
8      Tsauni  27    136     a'a
```

Masu tsanani huɗu ne: na 2 da na 5 da na 7 saboda damtse, na 3 saboda kumburi.

A ce mai shigar da bayanai yana so ya ga ƙananan damatsa a sama. Ya danna kan harafin D, ginshiƙin damtse ya haskaka, ya danna jeri daga ƙarami zuwa babba. Excel zai tsayar da shi da zaɓi biyu, `Étendre la sélection` da `Continuer avec la sélection en cours`. Na farko yana tafiya da layi gaba ɗaya. Na biyu yana motsa ginshiƙin D shi kaɗai, sauran suna nan inda suke. Idan hannu ya zame ya ɗauki na biyu, ga abin da zai fito: yaro na 1 ya samu 109, na 2 ya samu 112, na 3 ya samu 114, na 4 ya samu 119, na 5 ya samu 128, na 6 ya samu 131, na 7 ya samu 136, na 8 ya samu 142. Yaron Yawuri mai 109 da yaron Tsauni mai 114 duk sun koma kore, ba mai nemansu. Yaro na 1 da yake lafiya lau ya zama mafi rama a cikinsu. Dungu ta kwashi ja uku, Yawuri da Tsauni ba su da ko ɗaya.

Abin tsoron shi ne babu abin da zai yi ƙara. Jimillar damatsan 991 ce kafin jerin, 991 ce bayansa. Yawan waɗanda ba su kai 115 ba uku ne a da, uku ne yanzu. Rahoton da za a aika Damagaram zai wuce ba tare da an ɗaga gira ba. Har wanda ya ce bari ya duba layi ɗaya ko biyu ya gwada da takarda, idan ya faɗa kan yaro na 2 ko na 4 zai ga komai daidai, domin su biyun adadinsu ya dawo musu bisa tsautsayi. Kuma kada a ɗauka wannan kuskuren ƙaramin ma'aikaci ne kawai. A 2009 Keith Baggerly da Kevin Coombes na cibiyar MD Anderson da ke Houston sun nuna cewa a wani binciken cutar daji na Jami'ar Duke, jerin sunayen ƙwayoyin gado ya goce da layi ɗaya daga adadin da ya kamata ya tsaya kusa da shi, ban da wasu alamomi da aka juya. A lokacin an riga an fara gwaji a kan marasa lafiya bisa wannan bincike, kuma sai a 2010 aka rufe gwaje-gwajen.

Wannan kuskure na ginshiƙi ɗaya kowa ya san shi, shi ya sa Excel ke gargaɗi. Inda Broman da Woo suka burge ni shi ne wuraren da gargaɗin ba ya fitowa.

Na farko, kuma a ganina mafi daraja a duk maƙalar, shi ne ƙa'idar da ta hana barin gurbi babu komai. Sun kawo jadawalin da aka rubuta kwanan wata sau ɗaya aka bar guraben ƙasa fanko, da nufin mai karatu ya gane cewa daidai suke da na sama. Suka ja kunne cewa da zarar an jera layukan, mai yiwuwa ba za a sake sanin ranar da ta dace da kowane gurbi ba. Duk wanda ya taɓa riƙe rajista a likita ko a lakwal ya san wannan ɗabi'a, domin daga takarda ta fito. A takarda mutum yakan rubuta Dungu sau ɗaya, ya sa alamar maimaici a ƙasa ko ya bar wurin haka nan, kuma ba laifi, tunda layukan takarda ba sa tashi daga wurinsu.

A gwada da jadawalinmu. A ce Dungu tana layin yaro na 1 kawai, Yawuri a na 4, Tsauni a na 7, sauran fanko. Mai aikin ya yi komai bisa ƙa'ida, ya jera layuka gaba ɗaya bisa damtse. Yanzu na 5 da na 2 ne a sama, babu komin a gabansu kuma babu na sama da za a jingina su da shi. Sai na 7 da Tsauni, na 4 da Yawuri, na 1 da Dungu. Bayansa na 3 da na 8 da na 6 suna biye, guraben fanko, kuma duk mai karantawa da idon rajista zai ce 'yan Dungu ne. Ɗaya ne kawai a cikinsu ɗan Dungu. Tacewa ma ba ta tsira ba. Idan aka zaɓi Yawuri a kibiyar ginshiƙin komin, yaro na 4 kaɗai zai bayyana, mai 109 ɗin ya ɓuya cikin waɗanda Excel ke kira `(Vides)`. Babu wanda ya danna abin da bai kamata ba, amma layi ya rabu da garinsa.

Maganin yana da sauƙi muddin ba a riga an jera ba. A haskaka ginshiƙin komin daga layin farko zuwa na ƙarshe, a shiga `Rechercher et sélectionner`, sai `Sélectionner les cellules`, sai `Cellules vides`. A rubuta `=B2`, wato gurbin da ke saman fanko na farko, a danna Ctrl da Entrée tare. Kowane fanko zai ɗauki sunan da ke samansa. Sai dai akwai mataki na ƙarshe da ake yawan mantawa: a kwafi ginshiƙin a sake manna shi ta `Collage spécial`, a zaɓi `Valeurs`. In ba haka ba, abin da ke cikin guraben umarni ne na a duba sama, kuma bayan jeri za su duba sama su kwaso sunan sabon maƙwabci. Wannan ne ya sa na yarda da wata ƙa'idar tasu da na fara ɗauka tsauri ce, wadda ta ce kada a sa lissafi a cikin fayil na asali. Duk lissafin da ke leƙa layin sama ko na ƙasa, jeri zai rikita shi.

Haɗe gurabe ma ɗan gidan nan ne. Mutum ya haɗe gurabe uku ya rubuta Dungu a tsakiya domin ya yi kyau a bugu. Excel yakan ƙi jera irin wannan jadawali gaba ɗaya, kuma a nan ƙin nasa alheri ne. Amma ba ya ƙin tacewa, kuma sakamakon ɗaya ne da na fanko, tunda gurbi na farko ne kaɗai ke riƙe da sunan.

Ƙa'ida ta biyu da ta shafi batunmu ita ce a yi jadawali dunƙule ɗaya mai kusurwa huɗu: layin kanu ɗaya a sama, kowane yaro layi ɗaya, kowane abin awo ginshiƙi ɗaya. Marubutan sun fi kallon wannan ta fuskar mai nazari da zai loda fayil ɗin cikin wata manhaja. Amma amfaninta ga mai jeri ya fi haka. Idan aka danna gurbi ɗaya aka ce Excel ya jera, shi da kansa yake laluben iyakar jadawalin, kuma iyakarsa ita ce layi ko ginshiƙi na farko da ya tarar babu komai a ciki. A ce an bar siririn ginshiƙi fanko tsakanin wata da damtse don ado, a raba bayanan yaro da na awo. A wurin Excel jadawali biyu ne. Zai jera damtse da kumburi, ya bar lamba da komin da wata a tsaye, kuma ba zai tambayi kowa ba. Layi kamar ɗaurin rake yake, igiya ɗaya ce ta riƙe shi, kuma ginshiƙin fanko wuƙa ce a kan igiyar. Layin fanko tsakanin Dungu da Yawuri shi kuma yana sa a jera ɓangare ɗaya a bar sauran. Layin jimilla da ke manne a ƙasa yakan shiga cikin yara a jera shi tamkar yaro mai damtse 991.

Akwai wani tarkon da maƙalar ba ta ambata ba amma ƙa'idar ta shafe shi. Idan an kunna `Filtrer` tun da farko, daga baya aka ƙara ginshiƙi a dama, misali lambar wayar uwa, sabon ginshiƙin ba lallai ya shiga cikin abin da kibiyoyin ke motsawa ba. Alamar da za a duba ita ce kan ginshiƙin: duk wanda ba shi da kibiya, to a bayan gari yake. Hanya mafi aminci ita ce a mayar da jadawalin abin da Excel ke kira `Tableau`, ta `Insertion`. Daga nan duk ginshiƙin da aka ƙara a gefe yana shiga ciki da kansa, kuma jeri ta kibiya yana ɗaukar layi dungurungum.

Ƙa'idarsu ta farko, wato a riƙe rubutu iri ɗaya, ba ta buƙatar dogon bayani ga mutumin da garinsa ke da rubutu fiye da biyu. Matameye, Matamèye, Matamey. Kantché, Kantche, Kance. Dan Barto da Dan-Barto da Ɗan Barto. Kowane ɗaya zaɓi ne daban a jerin tacewa, kuma wanda ya sa alama a ɗaya ya zubar da yaran sauran. Wanda ya fi su wuyar gani shi ne tazarar da yatsa ya ƙara a ƙarshen suna, kuma marubutan sun yi kyau da suka tsaya a kanta. Idan aka buɗe kibiya aka ga Dungu sau biyu, ita ce. `SUPPRESPACE` yana share ta, kuma `Validation des données` da jerin komin tara yana hana ta dawowa. Haka batun abu ɗaya a gurbi ɗaya. Wanda ya rubuta "112 mm" ya mayar da adadi rubutu, kuma tacewar ƙasa da 115 ba za ta gan shi ba. Na'urar da aka saita da Faransanci tana son 7,5 a nauyi, idan aka ba ta 7.5 sai ta ajiye shi a matsayin rubutu. Ana ganewa da ido: adadi yana jingina dama a gurbi, rubutu yana jingina hagu.

Har zuwa nan yabo ne. Ga inda nake da ja.

Broman da Woo sun rubuta ne da tunanin cewa mai shigar da bayanai daban, mai nazari daban. Shawararsu ita ce a yi amfani da Excel wajen shigarwa da ajiya, a kai nazari wani wuri. Don haka sun gyara jadawalin tsaf suka miƙa shi, ba su nuna yadda ake jeri mai hawa-hawa ko tacewa ba. A CSI na ƙauye mutum ɗaya ne mai shigarwa, shi ne mai nazari, wani lokacin shi ne mai allura, kuma yana aiki ne kafin batir ya mutu. Shi abin da yake bukata shi ne mataki na gaba.

Matakin kuwa ga shi. A danna gurbi ɗaya a cikin jadawali, kada a haskaka ginshiƙi. A shiga `Données`, a danna `Trier`. A tabbata akwai alama a `Mes données ont des en-têtes`, in ba haka ba kanun zai nutse cikin yara. A `Trier par` a zaɓi komin. A danna `Ajouter un niveau`, a `Puis par` a zaɓi damtse daga ƙarami zuwa babba. Hawa na biyu ba ya aiki sai a tsakanin waɗanda suka yi kunnen doki a hawa na farko, shi ya sa tsarin hawan yake da muhimmanci: idan aka sa damtse a sama, komin ba zai yi tasiri ba sai inda yara biyu suka zo da awo ɗaya. Excel na 2003 hawa uku kawai yake bayarwa, daga na 2007 aka kai 64. Sakamakon namu: Dungu 2, 1, 3. Tsauni 7, 8. Yawuri 5, 4, 6.

Layuka sun tafi cikakku, amma a duba inda yaro na 3 ya faɗa. Shi ne na ƙarshe a Dungu, ƙasa da yaron da ba abin da ke damunsa, alhali shi ne mai kumburi. Tacewa ma za ta yi masa haka. Idan aka tace damtse ƙasa da 115, za a samu 2, 5, 7, babu shi. Idan aka ƙara tace kumburi a kan "i" da nufin a haɗo shi, allon zai koma fanko. Dalili shi ne tacewa a ginshiƙai biyu tana nufin a cika sharaɗi na farko kuma a cika na biyu, kowace tacewa tana rage abin da ta gabanta ta bari. Ƙa'idar tamowa kuwa cewa ta yi wannan ko wancan. Kibiyoyin ba su iya "ko" tsakanin ginshiƙai biyu ba. Mafita ita ce a ƙara ginshiƙi na shida a kwafin aiki, a kira shi mataki, a sa 1 ga mai tsanani, 2 ga rawaya, 3 ga kore, sannan a jera ko a tace da shi.

A nan ne na ci karo da shawararsu ɗaya da nake ganin tana bukatar gargaɗi. Sun ce inda ba a samu awo ba a rubuta NA maimakon a bar fanko, domin a bambance abin da aka manta da abin da babu. Hujjar tana da ƙarfi, kuma a manhajar R da suke aiki da ita NA yana da ma'ana ta musamman. A Excel kuwa NA rubutu ne kawai, kuma idan Excel ya gwada rubutu da adadi yana ɗaukar rubutun a matsayin mafi girma. Saboda haka lissafi mai sauƙi da ke tambaya ko damtse bai kai 115 ba, ko bai kai 125 ba, zai amsa a'a sau biyu ya sa yaron a kore. Yaron da ba a auna ba ya zama lafiyayye. Da an bar gurbin fanko, da an ɗauke shi sifili ya zama ja. Duka biyun ƙarya ne, amma ta farko ta fi haɗari. Dole lissafin ya fara tambaya ko akwai adadi a gurbin:

```
=SI(E2="i";1;SI(NON(ESTNUM(D2));0;SI(D2<115;1;SI(D2<125;2;3))))
```

Sifili a nan yana nufin a koma a auna. Lissafin yana duba layinsa kawai, don haka jeri ba ya taɓa shi. Idan aka jera bisa komin, sai mataki, sai damtse, Dungu za ta fito 2, 3, 1, mai kumburi ya hau inda ya dace. Idan aka tace mataki a kan 1, huɗun nan za su fito cif.

Da yake an zo kan ja da rawaya da kore, sai in ce ƙa'idarsu ta hana amfani da launi a matsayin bayani za ta yi wa mutanenmu ɗaci, domin launin yana jikin madaurin awon kansa kuma hannu yana ƙaiƙayin shafa shi a gurbi. Gaskiya ne Excel na yanzu yana iya jeri da launi. Amma launin da aka shafa da hannu ba ya canzawa idan aka gyara adadi, kuma yana ɓacewa da zarar an ajiye fayil a matsayin CSV. A bar ginshiƙin mataki ya riƙe bayanin, a sa `Mise en forme conditionnelle` ya riƙa shafa launin bisa gare shi.

Gibi mafi girma a maƙalar, a wurina, shi ne ba ta ba mai aiki hanyar gane cewa ɓarna ta riga ta faru ba. Ta ce a ajiye kwafi, a kulle fayil na asali, kada a taɓa shi. Wannan daidai ne, kuma shi ne abin komawa idan an san an yi kuskure. To idan ba a sani ba fa? Mun ga jimilla ba ta nunawa, duba layi ɗaya ko biyu ma ba ya isa. Abu biyu nake ƙarawa. Na farko, ginshiƙin lamba daga 1 zuwa ƙarshe, a rubuce ba da lissafi ba, kuma lambar ta kasance a kan takardar rele ma. Da shi ake mayar da jadawali yadda aka shigar da shi ko bayan an rufe fayil, lokacin da Ctrl+Z ya daina aiki. Na biyu, ɗan lissafin shaida da ke ɗaure ginshiƙai biyu da juna, a ajiye shi nesa da jadawalin:

```
=SOMMEPROD(A2:A9;D2:D9)
```

Yana ninka lambar kowane yaro da damtsensa ya tara. A jadawalinmu yana ba da 4504. A rubuta wannan a gefen takarda kafin a fara. Ko sau nawa aka jera layuka cikakku, ta kowace fuska, 4504 zai ci gaba da nunawa, domin kowace lamba tana tare da damtsenta. Bayan jerin nan na ginshiƙi ɗaya da muka gani a sama, yana komawa 4665. Iyakarsa ita ce ginshiƙai biyun da aka ba shi kawai yake gadi, don haka ginshiƙin wata yana bukatar nasa, kuma duk lokacin da aka ƙara yaro ko aka gyara awo sai an sake rubuta sabon adadi.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan an tace, wanda shi ma maƙalar ba ta taɓa ba. Layukan da suka ɓace daga allo suna nan, ɓoye suke. `SOMME` yana ƙirga su duka, `SOUS.TOTAL` ne yake tsallake waɗanda tacewa ta ɓoye. Mafi muni shi ne manna. A ce an tace an bar yara huɗun nan, 2, 3, 5, 7, sai aka kwafo ranakun karɓarsu huɗu daga wani fayil aka manna a sabon ginshiƙi daga layin na 2. Excel zai zuba su a jere a layin 2, 3, 4, 5. Rana ta uku ta tafi wurin yaro na 4 da ba a gani, ta huɗu ta faɗa wa na 5, na 7 ya tashi babu komai. Gurbin da ya rage fanko a ƙasan abin da ake gani shi ne alamar. Idan bayanin yana wani fayil, a ɗauko shi ta lambar yaro da `RECHERCHEV`, a sa `FAUX` a ƙarshe domin ya nemi lambar daidai. Idan kaɗan ne, a rubuta da hannu layi-layi.

Ban ga laifin marubutan ba da suka tsaya inda suka tsaya, tunda sun faɗi iyakarsu tun a shafin farko, kuma gajartar maƙalar na cikin abin da ya sa ake karanta ta. Misalanta na ɓeraye ne da sukarin jini a ɗakin bincike, kuma da Turanci take, alhali allon da ke gaban ma'aikacinmu da Faransanci yake magana, har waƙafin da ke cikin lissafi ya koma waƙafi mai ɗigo. Wanda zai koyar da ita a Matameye sai ya sauya misalan da rajistar tamowa ko jerin masu karɓar taki. Ni da zan tsara darasin, da ƙa'idar gurbin fanko zan fara, in bi da ta dunƙule ɗaya, in bar batun sunayen fayil da CSV sai wani zama. Kafin kowa ya taɓa `Trier` kuma, sai ya nuna mini ginshiƙin lambarsa da adadin shaidar da ya rubuta a gefen takarda.